Angon da Ya Narke Cikin Takarda

Duk wanda ya taɓa neman fotokofi a Matamaye ya san shagon Sadiyya, ko da bai san sunanta ba. Ɗan ɗaki ne a bakin hanyar kasuwa, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da siminti. A ciki akwai tebur, da tsohuwar na'urar buga takarda, da kwamfuta wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Sadiyya ta koyi aikin sakatariya a Damagaram bayan ta bar lakwal, wato makarantar boko, ta jira aikin gwamnati har ta gaji, sannan ta dawo gida ta buɗe shagon. Mijinta malamin makaranta ne a Yauri, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ita ce babba a ɗakinsu, kuma tun rasuwar mahaifinsu ita ke tsaye a kan al'amuran gidan, ita da Kawu Manu, ƙanin mahaifiyarsu.

Katin aure shi ne ya fitar da ita. Da, kowa furen roba da zobe biyu ake manna masa a kati. Sai ta gano wata manhaja mai ƙirƙirar hoto: ka ɗora mata hoton mutum, ka rubuta mata bayanin abin da kake so, ita kuma ta zana. Sadiyya da Faransanci take rubuta bayanin, kuma ta fi son salon fentin ruwa, mai launi sanyi-sanyi, wanda gefensa ke bajewa kamar an ɗiga shuni a jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta san halin abar kamar yadda makiyayi ya san halin saniyarsa. Ta san ba a barin ta ta rubuta suna ko kwanan wata, don takan jirkita haruffa, sai dai a sa rubutun daga baya da hannu. Ta san dole a ce mata ta bar mayafi yadda yake, ta bar launin fata yadda yake, in ba haka ba sai ta mayar da 'yar Kurni Balarabiya. Ta san dole a ƙirga yatsu kafin a buga. 'Yan mata daga Tsauni har Kance suna aiko mata da hotuna ta waya.

Saboda haka da aka sa ranar auren ƙaninta Munkaila, ba wanda ya tambayi wa zai yi katin.

Munkaila shi ne autansu. Mai walda ne, yana aiki a wurin haƙar zinariya can arewa da Agadas, inda ake tafiyar kwanaki cikin hamada ba rezo, waya ba ta shiga. Yarinyar da zai aura sunanta Anisa, ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin unguwa. Hoto ɗaya tak suke da shi tare, wanda aka ɗauka da Babbar Sallah a ƙofar gidan su Anisa. Ita tana tsakiya, cikin leshi ruwan ƙwai, tana murmushi ƙasa-ƙasa. Shi kuwa kunyar surukai ta sa ya ja can gefe, har hoton ya yanke masa kafaɗa ɗaya. Farar shadda ce a jikinsa, bangon da ke bayansa fari, rana kuma ta haske shi har ba a gane inda riga ta ƙare bango ya fara.

Ana gobe zai taso ya kira Sadiyya.

"Yaya, gobe in Allah ya so za mu kama hanya. Babbar mota na samu. Da mun shigo rezo zan kira ki. Katin nan fa a yi shi da kyau, kada ki sa mini hancin wani."

"Naka ma ai ya ishe ka kaya," in ji ta. "Allah ya kawo ku lafiya."

Kwanakin da aka saba yi a hanyar suka wuce, bai kira ba. Da fari ba ta damu ba, don mota takan tsaya, caji kan ƙare. Ta ce bari ta rage aiki kafin ya iso. Wata safiya, da kuran ya dawo, wato aka kawo wuta, ta ɗora hoton Sallar, ta rubuta bayanin da ta saba rubutawa: zane da fentin ruwa mai laushi, na mutum biyun da ke cikin wannan hoto, launuka masu haske, a bar mayafin amarya da launin fatarsu, gefen zanen ya narke cikin farar takarda, a bar fili a ƙasa, ban da rubutu. Ta danna, ta juya tana ba wani tsoho takardunsa.

Da ta waiwayo, zanen ya fito. Anisa ta yi kyau, leshinta kamar gwaiduwa, idanunta sak. Amma a gefenta, inda Munkaila ya kamata ya tsaya, fuska ce kawai da hula, su ma dishi-dishi. Daga wuya zuwa ƙasa babu shi. Farar takarda ce, sai wani ɗan toka-toka da ya zubo kamar ruwa ya bi ta kansa.

Gabanta ya faɗi. Ta yi tsaki don ta kori abin da ya taso mata, ta sake dannawa, don ta san kowane dannawa sabon zane yake kawowa. Na biyu ya fito, rabin fuskar ma ya tafi. Ta sake. A na uku Anisa ce tsaye ita kaɗai, a gefenta wata inuwa mai kamar hula.

Sadiyya ta janye hannunta daga kwamfutar kamar ta taɓa garwashi. A kanta ta san dalili sarai: mutum ne a gefen hoto, cikin farar riga, gaban farin bango, ita kuma da hannunta ta rubuta cewa gefe ya narke cikin fari. Abar ta yi abin da aka ce mata ne. Amma sanin da ke kai daban, abin da ke ƙirji daban. Ta ɗauki waya ta kira lambarsa. Muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun mai lambar.

Ba ta ji sallamar Anisa ba. Yarinyar ta taso daga aiki ne ta biyo ta ga ko an fara katin, sai ga ta tsaye a bayan kujera, idonta a kan allon.

"Yaya Sadiyya, shi ina yake?"

"Gwaji ne kawai, ban gama ba." Sadiyya ta yi sauri za ta rufe, hannunta ya kuskure, sauran biyun suka bayyana a jere.

Anisa ta dube su ɗaya bayan ɗaya, Munkaila yana raguwa a cikinsu. Ta dafa bango.

"Ya kira ki?"

"Bai kira ba tukuna."

"Ni ma bai kira ni ba."

Sadiyya ta fara yi mata bayanin farar riga da farin bango, amma muryarta na rawa, kuma mai rawar murya ba ya kwantar wa kowa da hankali. Anisa ta gyaɗa kai kawai, ta gyara mayafi ta fita.

Washegari labari ya shigo daga tasha. Wani direba da ya sauko daga Agadas ya ce ana maganar wata babbar mota da ta taso daga wajen zinariya ba ta iso ba. Wasu suka ce ɓata ta yi, wasu suka ce 'yan fashi ne, wasu suka ce ai ba daga can ta taso ba. Kawu Manu ya shiga zaryar tasha, yana karɓo lambobi, yana kiran mutanen da bai sani ba. Duk wanda ya kira sai ya ce shi ma ji ya yi.

Sadiyya ta daina cin abinci sai don idon yaranta. Tana buɗe shago, tana yi wa mutane fotokofi, wani lokaci ta juya takarda a kife ba ta lura ba. Manhajar kuwa ba ta sake buɗe ta ba. Akwai katin wasu mutanen Tsauni da ke jira, ta ce musu rezo ne ba kyau. In wayarta ta yi ƙara sai ta zabura ta ɗauka. In ba ta yi ba, sai ta yi ta duba ta. Tana sallah tana roƙon Allah ya raba ta da camfi, ta sallame, zanen nan na uku ya dawo mata a ido.

Anisa ba mai surutu ba ce, amma ta yi kuka gaban yayarta, yayar ta faɗa wa maƙwabciya, magana ta zaga har ta isa kunnen Inna Shekara, mahaifiyar su Sadiyya. Yadda ta isa kuwa, cewa aka yi na'urar Sadiyya ta nuna babu ango.

Inna Shekara ba ta taɓa taka shagon ba. Ran nan da hantsi sai ga ta, da carbi a hannu, Anisa na biye da ita ido jajir. Tsohuwar ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, don haka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ke. Nuna mini abin da aka ce."

"Inna, ki zauna tukuna."

"Ban zo zama ba."

Sadiyya ta buɗe. Inna ta matso, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo. Leɓenta na motsi ba sauti.

"Wa ya gaya mata?" ta ce a hankali. "Abar nan, wa ya gaya mata yana hanya?"

"Ba wanda ya gaya mata, Inna. Ba ta san shi ba, ba ta san hanya ba. Hoto kawai ta gani da abin da na rubuta."

"To fitar mini da ɗana daga cikinta."

Sadiyya ta ce za ta iya goge zanen da hoton daga nata wajen, amma ba za ta rantse cewa can inda abin yake tafiya ba su ajiye komai ba. Tana faɗa ta yi nadama, don fuskar Inna ta ƙara canjawa. Tsohuwar ta nemi benci ta zauna da kanta.

Shagon ya yi tsit, sai bugun guduma daga wajen mai gyaran babur. Sadiyya ta ga cewa in ta goge yanzu, wannan inuwar ce za su tafi da ita gida su uku, kowa ta kwana da ita. Tsoron sake dannawa ya kama ta. Idan ta gyara komai, ya sake fitowa babu shi fa? A gaban Inna? Amma ta jawo ainihin hoton Sallar ta faɗaɗa shi.

"Inna, dubi nan. Ina rigarsa ta ƙare?"

Inna ta duba. "Ga ta nan... a'a. Wannan bango ne."

"To ita ma haka ta rikice. Ni kuma na ce mata duk abin da ke gefe ta narkar da shi cikin fari. Shi ne a gefe. Laifin rubutuna ne. Ina son in sake, amma ina bukatar hotonsa wanda fuskarsa ta fito sosai."

Anisa ta ce duk hotunan da yake aiko mata da rawani da tabarau ne saboda ƙurar wajen aiki. Inna ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata 'yar leda, a ciki akwai ƙaramin hoto irin na katin ɗan ƙasa, gefensa ya lanƙwashe. Ta riƙe shi jim kaɗan kafin ta miƙa.

"Ki dawo mini da shi."

Sadiyya ta ɗauki hoton da na'urar kwafi, ta mayar mata a hannu. Sannan ta gyara hoton Sallar, ta ƙara masa fili ta gefen Munkaila don su biyun su dawo tsakiya. Ta ɗora duka biyun, ta fara sabon bayani, tana faɗa da Hausa tana rubutawa da Faransanci, don su ji abin da take cewa. Mutum biyu, dukansu a tsakiya, dukansu cikakku tun daga kai har gwiwa. Fuskar namijin a ɗauke ta daga hoto na biyu. Fuskoki da tufafi su fito sarai, bayansu kawai ne zai baje.

"Rigar fa?" ta ce. "Fara ba za ta yi ba. Wace iri zan ce?"

"Shuɗiya," in ji Inna nan take. "Shaddar ɗaurin auren tana cikin akwatina, shuɗiya ce mai duhu, aikin wuyan ruwan toka."

Ta rubuta. Ta ce bangon a mayar da shi ruwan ƙasa mai haske.

"Yana da faɗin kafaɗa," Anisa ta ce, kanta a sunkuye don kunyar Inna. "Kuma ya fi ni tsawo da kamar tafin hannu."

"Akwai tabo a girarsa ta hagu," in ji Inna. "Ƙofar langa-langa ce ta yanke shi yana rarrafe."

Sadiyya ta rubuta duka, ko da yake ta san ƙaramin tabo irin wannan ba lallai ya fito ba. Ta karanta daga farko, ta ƙara cewa ban da rubutu. Yatsanta ya tsaya a kan maɓallin. Ta ji Inna na bismilla a bayanta. Ta danna.

Rezo ya yi nauyi ranar. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa, su uku sun zuba wa allon ido. Sai zanen ya sauko daga sama: hula, goshi, ido, sannan shuɗi mai yawa, kafaɗa biyu cikakku, hannaye. Yana tsaye daf da Anisa, abin da bai yarda ya yi ba a hoton gaske. Tabon bai fito ba, kuma abar ta ɗan cika masa kumatu, ta manyanta shi.

Anisa ta rufe baki da mayafi. Inna ta miƙa hannu kamar za ta shafa allon, ta fasa.

"Wannan ai ubanku ne lokacin da ya aure ni," ta ce, hawaye na bin kuncinta.

"Zan iya sa ta rage kumatun."

"Bar shi haka. Kada ki sake taɓawa."

Sadiyya ta buga guda ɗaya a takarda mai kauri ta ba Inna. Sun fita da ɗan sauƙi, amma ita da ta rage a shagon ta san ba abin da ya canja. Zanen farko bai san komai ba, wannan ma haka. Ta sake kiran lambar, matar kamfani ta sake ba ta amsa ɗaya.

Ranar aure na matsowa. Kawu Manu ya zo ya ce kada a buga kati tukuna, ya faɗe shi yana kallon ƙasa. Dangin amarya suka aiko a ji ko akwai labari. Sadiyya ta shirya rubutun katin, sunaye da wuri, ta bar gurbin kwanan wata fayau.

Wata rana bayan la'asar tana yanke hotunan fasfo, baƙuwar lamba ta shigo. Muryar namiji ce, Hausarsa irin ta Buzaye.

"Ke ce Sadiyya, yayar Munkaila mai walda?"

Almakashin ya faɗi daga hannunta. Ta san irin wannan tambayar, da ita ake fara sanar da rasuwa.

"Alo? Kina ji? Ni ma'aikacin asibiti ne a Arlit. Ga shi nan, riƙe."

Aka yi ƙarar motsi. Sannan wata murya a shaƙe, kamar ta tsoho, ta ce, "Yaya."

Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa. "Auta? Kai ne? Yi magana in ji!"

"Ni ne. Ina Inna?"

A guntu-guntu ya ba ta labari. Ƙarfen ƙafar motar ne ya karye, a wurin da direba ya kauce wa babbar hanya. Ruwa ya yi ƙasa. Wasu suka ce za su taka su nemo taimako, shi ya zauna a ƙarƙashin motar tare da sauran. Sojojin sintiri ne suka tsince su. Waɗanda suka taka, ba duka aka gani ba. Wayarsa ta mutu tun farko, kuma sai yau harshensa ya saki har ya iya faɗin lamba.

Ba ta rufe shagon ba ma, mai siminti ne ya ja mata ƙofa. Ta hau kabu-kabu ta nufi gida, tana riƙe da wayar da hannu biyu.

An ɗaga auren zuwa bayan wata. Munkaila ya iso a rame, leɓɓansa a fashe, shuɗiyar shaddar sai da tela ya rage ta. Bai cika magana ba. Duk inda zai zauna sai ya jawo buta ko gora kusa da ƙafarsa, ko ba ya jin ƙishirwa, in yaro ya zubar da ruwa a tsakar gida sai ya tashi ya bar wurin.

Ranar da ake yanke katunan ya zo shagon ya zauna a benci, yana taya ta jerawa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Injin waldata da janaretona suna can, Yaya. Na bar su hannun wani. Bayan biki sai na koma."

Sadiyya ta tsayar da wuƙar yankan.

"Anisa ta sani?"

"Ban faɗa mata ba tukuna."

"Inna fa?"

Ya girgiza kai.

Ta so ta ce masa a sayar da su can, ta so ta ce akwai ƙofofi da tagogi a Matamaye da ke jiran mai walda. Ta ga yadda ya ƙura wa ƙasa ido, ta san ba yau ba. Ta daidaita takardun, ta sauke wuƙar.

"Miƙo mini na gaba," ta ce. "Danginmu na Kurni suna da yawa, kada su ce an manta da su."